Yaya zan fahimtar da dattawan ƙungiyarmu amfanin shafin intanet wajen sayar da riɗi?

Sani Magatakarda:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harka. Ƙungiyar manoma ce ta gama kai a wani ƙauye ta yankin Gumel, mambobi 64, akasari riɗi suke nomawa, sai zoɓo kaɗan. Idan kaka ta yi kyau ana tara buhu 350 na riɗi ko kusa da haka. Matasan ƙungiya suna so a buɗe shafin intanet kafin a yanke riɗin bana, amma kuɗin sai shugaba da ma'aji da dattawa biyar sun sa hannu. Ranar Juma'a bayan la'asar za a zauna. Tambayarsu ɗaya ce tun a zaman baya: "Abin nan da ba ya cin kasuwa, ba ya ɗaukar buhu, ta yaya zai sayar da riɗi?" Da me zan amsa musu?

Injiniya Kabiru:
Wa alaikumus salam Malam Sani. Ka fara da yarda cewa dattawan sun yi gaskiya. Shafi ba ya sayar da riɗi. Idan ka ce musu zai sayar, kaka ta wuce ba a ga mai saye ko ɗaya ba, ka zubar da girmanka a gabansu kuma ba za su sake saurarenka ba. Abin da shafi yake yi guda biyu ne. Na farko, allon shago ne wanda mutumin Dawanau ko na Legas zai iya karantawa daga inda yake zaune. Na biyu, kuma shi ya fi nauyi, shaida ne. Wanda bai taɓa ganinku ba, aka ba shi lambarku, kafin ya turo wakili ya ƙona mai zuwa ƙauyenku sai ya duba: ƙungiyar nan da gaske akwai ta? Tana da rajista? Tan nawa take iya haɗawa? Wa ke magana da yawunta? To a bakin dattawa wannan shi ne aikin da sanin asali yake yi a kasuwa. Baƙo ba ya ba da kuɗi sai an ce masa ɗan gidan wane ne. Ka ce musu shafin shi ne zai riƙa faɗin "ɗan gidan wane ne" a inda ba a san gidanku ba.

Hajiya Binta:
Na yarda da Injiniya, amma bari in faɗi abin da mai saye yake nema, don shi za a zuba a shafin, kuma shi ne zai shiga kunnen dattawa fiye da zancen intanet.

Mai sayen riɗi don fitarwa waje ba ya lissafi da tiya ko da buhu. Da kilo yake lissafi. Kwantena mai ƙafa 20 tana cin riɗi kusan tan 19, wato buhu 380 masu kilo 50. Tirela kuwa tan 30 ce, buhu 600. Manomin da ya zo da buhu biyar ba abokin cinikinsa ba ne, shi ya sa dillali yake shiga tsakani: yana bin ƙauyuka da kasuwar Maigatari ranar Alhamis yana tattarawa har mota ta cika. Wannan tattarawar ita ce sana'arsa, kuma a kanta yake cin riba.

Yanzu ɗauki naku. Buhu 350, a ce kowanne kilo 80 ne, tan 28 ke nan. Kun wuce kwantena ɗaya, kun kusa cika tirela. Wannan ita ce maganar da za ka buɗe zama da ita, Malam Sani: "Baba, mu a haɗe mun kai girman da kamfani zai yi magana da mu kai tsaye, amma kamfanin bai san da mu ba." Daga nan sai shafi ya shigo a matsayin hanyar da za a sanar. Idan ka fara da shafi, ka ɗora sirdi kafin a kawo doki.

Amma ka lura da "a ce kowanne kilo 80 ne". Sai an ɗora a sikeli. Buhun ƙauye kowa da irin cikarsa, wani ya danna ya ɗinke da baki, wani ya bar wuya. Kada a rubuta adadi a shafi sai wanda sikeli ya faɗa.

Ɗan Asabe:
Ni fa ban ga abin wahala ba. Ku buɗe Facebook kyauta, ku ɗauki hoton buhuna ku saka, ku yi ta turawa a gurup-gurup. Me ya kai ku kashe kuɗi? Intanet ai duk ɗaya ce.

Injiniya Kabiru:
Rabin maganarka daidai ne ƙanena. Facebook da WhatsApp su ne inda cinikin zai gudana, kuma ƙungiyar da ba ta iya riƙe waɗannan biyun ba kada ta ma taɓa shafi. Amma ba ɗaya ba ne. Shafin Facebook rumfa ce a kasuwar wani: idan aka sace asusun yaron da ya buɗe, ko aka rufe shi, shi ke nan, ba ku da wanda za ku kai wa ƙara a nan kusa. Kuma kowa yana iya buɗe wani da sunanku da hotunanku cikin minti goma. Adireshin shafi kuwa mutum ɗaya ne yake riƙe da shi a lokaci guda, muddin ana biyan kuɗinsa. Ga dattawa: bambancin aron gona da gonar da ke da takarda.

Alhaji Ɗanladi Dawanau:
Ku yi haƙuri in ɗan ɓata muku lissafi. Kuna ta zancen cire dillali kamar ƙaya ce a ƙafa. Malam Sani, cikin dattawan nan bakwai, nawa ne suke karɓar kuɗin taki ko na biki a hannun dillali tun damina, a kan za su biya da riɗi? Nawa ne su kansu suke dillanci ranar kasuwa? Idan ka tashi a gabansu ka ce za a kori dillali, ka zagi surukin wani, ka taɓa tuwon wani. Za su yi shiru, su ce Allah ya zaɓa mafi alheri, maganar ta mutu a nan.

Kuma dillali yana yin abin da shafi ba zai yi ba. Yana biya nan take. Yana ɗaukar asara idan farashi ya faɗi kafin mota ta isa Kano. Kamfani kuwa sai ya sauke, ya auna, ya gwada, ya yanke na datti, sannan ya biya. Manomin da ke jiran kuɗin makarantar yara ba zai jira ba.

Hajiya Binta:
Alhaji ranka ya daɗe, wannan gaskiya ce mai ɗaci. Shi ya sa bai kamata a ce "korar dillali" ba. A ce ƙarin mai tayi. Kaya mai mai-tayi ɗaya ba shi da daraja, ko tsohuwa mai sayar da daddawa ta san haka. Idan dillali ya san wani ya kira daga Kano ya taya, shi ma tayinsa zai gyaru. Sannan buhu 350 ɗin nan a sake ƙirgawa: a cire wanda aka riga aka ci kuɗinsa, a cire na masu buƙatar gaggawa. Abin da ya rage shi ne na shafi. Wataƙila ya zama buhu 200 ne, tan 16, bai cika kwantena ba. Gara a sani tun yanzu a nemi ƙungiyar ƙauyen maƙwabta a haɗa, da a rubuta tan 28 mai saye ya turo mota a rasa abin lodawa. Irin wannan sau ɗaya ake yi, suna ya ɓaci a duk layin.

Sani Magatakarda:
Alhaji ka taɓo inda ke ciwo. Biyu daga cikinsu suna dillanci. To batun kuɗi fa? Ma'aji zai tambaya nawa, kuma me za a samu.

Injiniya Kabiru:
Kuɗin kashi uku ne, ka rarrabe musu su, don a nan ake yawan rigima daga baya.

Akwai kuɗin suna, wanda ake kira domen. Sunayen da ke ƙarewa da `.ng` ƙungiyar NiRA ce ke kula da su, ana saye ta hannun kamfanonin da ta amince da su, kuma `.com.ng` ya fi `.ng` zalla araha. Haya ce ta shekara, ba saye na har abada ba. Akwai kuɗin masauki, wato hostin, inda hotuna da rubutun suke zaune, shi ma duk shekara. Sai ladan wanda ya gina, sau ɗaya. Dattawa da yawa suna ɗauka an biya an gama kamar an sayi injin ban ruwa. Shekara ta zagayo, ba wanda ya sabunta, shafi ya ɗauke, a ce yaro ya cuce su. Ka faɗa musu tun ranar farko cewa kamar kuɗin rumfar kasuwa ne.

Ga yadda za ka kai musu lissafin. Ka karɓi farashi daga mutum biyu ko uku a rubuce, sannan ka raba da yawan buhu. Misali kawai: a ce shekarar farko duka-duka ₦140,000, a raba wa buhu 350, ya zama ₦400 a buhu, ₦5 a kilo. A ce sabuntawa ₦35,000, ₦100 ke nan a buhu. Ka sa ainihin abin da aka yanka maka a madadin nawa. Dattijo ba ya jin "dubu ɗari da arba'in" da daɗi, amma ya san nawa yake ba ɗan dako a buhu, zai auna da kansa.

Hajiya Binta:
Injiniya lissafinka ya yi kyau amma ya tsaya a rabin hanya, kuma ma'aji mai wayo zai kama Malam Sani a nan. ₦5 ɗin ita ce mafi ƙanƙanta a cikin abin da za a kashe.

Mai saye na kai tsaye yana son riɗi mai tsabta, kashi 98 ko 99 cikin ɗari, busasshe, danshinsa bai wuce kashi 6 zuwa 8 ba, gwargwadon yarjejeniya. Riɗin da aka kakkaɓe a gona yana zuwa da yashi, da karmami, da ƙwayar da ba ta yi ba. A ce an sheƙe an tankaɗe, kashi 3 ya fita. Daga kilo 28,000 an rasa 840, saura 27,160, wato buhu 543 masu kilo 50. To a ce dillali yana biyan ₦1,500 a kilo da dattinsa da komai, jimla miliyan 42. Don a dawo da wannan miliyan 42 daga kilo 27,160, sai an sayar a kusan ₦1,547. Ka ga ₦47 ta hau tun ba a yi komai ba. Sababbin buhuna 543, a ce ₦400 kowanne, ƙarin ₦8 a kilo. Ga ₦5 ta shafi. ₦60 ke nan, ba a sa ladan masu sheƙa ba, ba lodi, ba mota idan ku za ku kai.

Saboda haka idan wani ya kira ta shafi ya ƙara ₦50 a kan farashin dillali, matasa za su yi murna, alhali faɗuwa ce. Ka kai wa dattawa wannan lissafin da kanka kafin su gano shi. Ka ce musu: ga layin da in tayi bai wuce shi ba, ba ma sayarwa, mu koma wa dillalinmu. Wallahi sun fi yarda da mutumin da ya nuna musu inda za a iya faɗuwa.

Injiniya Kabiru:
Na karɓi gyara Hajiya. Ban sa sheƙa a lissafi ba.

Mahamadu na Damagaram:
Sannunku da muhawara. Tambaya gare ni: wannan kashi 98 ɗin wa ke auna shi a ƙauye? Mu nan ƙungiyoyi da yawa ido kawai suke sawa su ce kaya ya yi kyau.

Hajiya Binta:
Ba ya buƙatar injin kirki Malam Mahamadu. Ƙaramin sikeli mai auna giram, irin na masu sayar da kayan kek, ya isa. A ɗebo daga buhu goma ko fiye, ba daga baki kaɗai ba: sama, tsakiya, gindi, da ƙarfen nan mai tsini da ake soka wa buhu, saboda yashi gindi yake sauka. A gauraya, a auna kilo ɗaya cif, a baza a faranti, a tankaɗe, a tsince duk abin da ba riɗi ba, a auna shi. Giram 20 kashi 2 ne. Giram 45 kashi huɗu da rabi ne. Malam Sani, in da ni ce kai, wannan zan yi a gaban dattawa ranar Juma'a, da riɗin bara na gidan ɗaya daga cikinsu in ya yarda. Su ga ƙasar a tafin hannu. Sai ka ce: wannan lambar ita za mu rubuta a shafi, kuma ita mai saye zai zo ya gwada.

Danshi kuwa sai da na'urarsa. Cizawa da haƙori yana ba da alama amma ba ya ba da lamba. In babu na'ura, kada a rubuta lambar danshi, a rubuta cewa mai saye yana iya zuwa da tasa.

Ɗan Asabe:
To ku rubuta cewa ba a sa masa magani ba, na gargajiya ne zalla. Turawa suna son wannan, farashinsa ya fi.

Hajiya Binta:
Kul, kada a soma. Wannan iƙirarin sai da takardar shaida daga masu binciken gona, kuma kuɗinta ya fi na shafin nesa ba kusa ba. In kun rubuta, aka gwada aka sami feshi, kun zama maƙaryata a rubuce. Ka tuna a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen wake daga Najeriya saboda maganin ƙwari irin wanda ake zuba wa hatsi a sito. Riɗi kuma ana tsananta masa bincike saboda ƙwayar cutar salmonela, wadda take shiga idan an shanya a ƙasa kaji da awaki suna bi ta kai. Abin da za ku iya rubutawa da gaskiya shi ne: a kan tamfol muke kakkaɓewa da shanya, ba ma zuba magani a buhu, buhunan a sito a kan katako suke. In dai haka ake yi ɗin. Hoton tamfol ɗin ya fi wa mai saye amfani a kan hoton shugaba da babbar riga.

Malam Habu:
Ni abin da nake hange daban ne. A irin wannan zama ba a rasa liman ko wani mai karatu, kuma zai ce: ya halatta a sayar da abin da mai saye bai gani ba? Malam Sani ka shirya. A mazhabar Malikiyya sayar da kayan da ba ya gaban mai saye ya halatta idan an siffanta shi siffa mai kore jahilci, kuma idan ya zo ya saɓa wa siffar mai saye yana da zaɓi. Idan kuma tun ba a girbe ba ne za a karɓi kuɗi, wannan salam ne, yana da sharuɗɗa: sanannen awo, sananniyar siffa, sanannen lokaci, kuma a biya kuɗin a farko. Ka bar wa limamin ya yi bayanin da bakinsa, kai dai ka nuna masa cewa abin da za a rubuta shi ne nauyi da tsabta da ranar da aka auna. Zai fi kowa tsaya maka a kan kada a rubuta ƙarya.

Sani Magatakarda:
Allah ya saka Malam. To me da me za a sa a ciki? Wani ya ce mana sai an yi wurin biyan kuɗi da kati kamar manyan shagunan intanet.

Injiniya Kabiru:
Wanda ya faɗa muku haka yana son ƙarin lada ne, ko bai san cinikin amfanin gona ba. Ba mai sayen tan 19 na riɗi da kati bai ga samfur ba. Shafi ɗaya tak ya ishe ku, mai buɗewa da sauri a ƙaramar waya. Sunan ƙungiya da ƙauye da ƙaramar hukuma, lambar rajistarku ta ofishin ƙungiyoyin gama kai na jiha da hoton takardar, abin da kuke da shi da nauyinsa da ranar da aka auna, watannin da kaya ke samuwa, ko tirela tana iya shiga har bakin sito ko sai an yi jigila da ƙaramar mota zuwa kwalta. Wannan na ƙarshen mutane suna mantawa, alhali shi direba zai fara tambaya. Hotuna shida zuwa takwas, a rage musu nauyi kada kowanne ya wuce kilobayit 200, in ba haka ba a sabis ɗin ƙauye sai a gaji da jira. Rubutu da Hausa da Turanci, don masu saye da yawa da Turanci suke nema.

Sai maɓalli guda da ke buɗe WhatsApp kai tsaye. Ana rubuta lambar da 234 a gaba, a cire sifirin farko, ba alamar tarawa:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX
```

Sunan shafin ya zama gajere wanda za a iya faɗa a waya. Kada a sa ƙ ko ɗ a ciki, a rubuta da k da d, kamar `sunankungiya.com.ng`, saboda mai saye ba zai sami masu lanƙwasa a wayarsa ba.

Abu mafi hatsari kuma, ka faɗa a gaban dattawa don ya shiga littafin zama: da sunan wa za a yi rajistar domen? Masu gini da yawa suna sa sunansu da imel ɗinsu don sauƙi. Ranar da aka ɓata, ko ya tafi bautar ƙasa ya canza layi, shafin ya tafi da shi. A buɗe imel na ƙungiya, a yi rajista da shi da layin ƙungiya, mai gini ya shiga a gabanku ya nuna muku sunan ƙungiya a wurin mai mallaka. Kalmar sirri a rubuta a takarda, a rufe a ambulan, ɗaya wurin shugaba ɗaya wurin ma'aji. Wannan zai kwantar musu da hankali, don tsoronsu na gaskiya shi ne kada yara su riƙe wuyan ƙungiya da abin da su ba sa iya karantawa.

Alhaji Ɗanladi Dawanau:
To an gina. Wa zai gani? Ni shekara nawa ina saye, ban taɓa neman riɗi a Google ba. Waya nake bugawa.

Injiniya Kabiru:
Gaskiya ne Alhaji, kuma kada a yi wa dattawa alkawarin Google. Sabon shafi yana ɗaukar lokaci kafin ya bayyana, in ya bayyana ma yana can ƙasan manyan kamfanoni. Shafin ba ya tafiya da ƙafarsa, kai shi ake yi. Mutum biyu su shiga Dawanau da samfur na rabin kilo-rabin kilo a leda, kowace da takarda mai adireshin shafi da lamba, su bi sito-sito na masu fitarwa. A buga adireshin a jikin sababbin buhunan. Duk wanda aka samu lambarsa a tura masa. Mai sito zai ajiye ledar, yaronsa ko akawunsa ne zai buɗe shafin daga baya.

Alhaji Ɗanladi Dawanau:
Ka ga ke nan ledar ce ta yi aikin ba shafin ba.

Hajiya Binta:
Leda ta buɗe ƙofa Alhaji, amma akawun da zai rubuta wa maigidansa a Legas ba zai tura leda ta waya ba. Ni dai a ganina a shekarar farko ku biyun kuna da gaskiya.

Malam Sani, wani abin da dole ka faɗa musu: shafi yana jawo ɓarayi kamar yadda yake jawo masu saye, kuma ɓarayin sun fi saurin kira. Alamominsu sanannu ne. Wanda ya yarda da farashi bai taya ba, bai nemi samfur ba. Wanda ya ce daga waje yake, amma sai kun biya kuɗin rajista ko na wata takarda kafin a ba ku kwangila. Wanda ya turo hoton rasit ko saƙon alat ya ce motarsa tana hanya a yi sauri a loda, galibi yammacin Juma'a. Dokar ɗaya ce: buhu ba ya hawa mota sai ma'aji ya ga kuɗin a cikin asusun ƙungiya, ta manhajar banki ko a bankin, ba a saƙon da aka turo ba. Asusun kuma da sunan ƙungiya, sa hannun mutum biyu. Kuma kada shafin ya ce kuna fitarwa waje. Wannan sai da rajistar NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, da takardun duba kaya, ba matakinku ba ne yanzu. Ku masu sayar wa mai fitarwa ne.

Mahamadu na Damagaram:
To a sa lambar asusun a shafin mana, mai saye ya tabbatar da ita ce ta gaskiya.

Injiniya Kabiru:
Ni ina goyon bayan haka. Idan wani ya yi sojan gona da sunanku ya ba da wani asusu, mai saye yana da inda zai gwada.

Hajiya Binta:
Ni ban goya ba. Sunan asusun kawai za a sa, a ce ba ma karɓar kuɗi sai a asusu mai wannan suna. Ai banki yana nuna suna kafin a tura. Lamba a bayar bayan an yi yarjejeniya. Haka ma farashi, kada a rubuta. Riɗi yana iya motsawa tsakanin Alhamis da Alhamis, ku manta ba ku canza ba, wani ya riƙe ku da tsohon farashi.

Ɗan Asabe:
In babu farashi ni ko kira ba na yi. Sai in ɗauka ana son a duba fuskata ne a yanka min.

Alhaji Ɗanladi Dawanau:
Kai tiya biyu kake saye ɗana, ba da kai ake ba.

Sani Magatakarda:
Na kwashe duka. Zan tafi da ƙaramin sikeli da faranti, da lissafin ₦60 ɗin bayan na sa farashinmu na gaskiya, kuma zan fara ganin dattawan nan biyu masu dillanci a gida kafin Juma'a. Abu ɗaya ya rage. Layin da za a sa a shafi, wa zai riƙe? Shugaba ba ya jin Turanci kuma sabis sai ya hau tudun bayan makaranta. In na ce ni zan riƙe, za a ce dama abin da nake nema ke nan.

Injiniya Kabiru:
Sabon layi da aka rubuta a littafi cewa na ƙungiya ne, waya ta ƙungiya, a hannun wanda ke inda sabis yake kuma zai amsa a ranar. Mai saye da ya yi sallama kwana biyu ba amsa ya wuce. Amma mai riƙe waya ba ya yanke farashi: ya rubuta suna da lamba da tayi a littafi, ya kai wa shugaba da ma'aji, su su ce e ko a'a.

Alhaji Ɗanladi Dawanau:
Ka ba ɗaya daga cikin dillalan nan biyu aikin yanke farashin, da la'adarsa a fili a kowane buhu. Ya fi ku duka sanin tayin banza. Hajiya me kika gani?

Hajiya Binta:
In zai yarda a karanta littafin kira a gaban kowa duk Juma'a, to. In ba haka ba, mai sayen da ya kira ƙungiya zai wayi gari ya zama nasa. Malam Sani, ka tambaye shi wannan tun a zauren gidansa, ka ga yadda fuskarsa za ta yi.